Kafin Ka Rushe Zauren Da Ka Buɗe, Ka Fara Miƙa Makullin



Makonni kaɗan da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani ƙanenmu ya same ni a ƙofar gida da wayarsa a hannu, ransa a ɓace. Shi ne ya buɗe zauren WhatsApp na layinsu domin haɗa kuɗin gyaran kwalbati da yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka. Ya ce da ni: "Yaya, na gaji. Ni na buɗe zauren nan da datata, ni nake kwana ina tuna wa mutane su biya, yau kuma ni ake cewa na ci kuɗi. A daren nan zan rushe shi kowa ya huta."

Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Ya ba ni, kuma alhamdu lillahi zauren yana nan har yau, sai dai ba shi ke riƙe da shi ba. Na nemi izininsa kafin in yi wannan rubutu, ba kuma zan ambaci sunansa ko layinsu ba. Na ga ya dace in rubuta ne domin ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowane layi, kowace makarantar Islamiyya, kowane aji na tsofaffin ɗalibai da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa a garin Gombe tana da zaure, kuma kusan kowane zaure yana rataye ne a wuyan wayar mutum ɗaya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda ya buɗe zaure yana da cikakken haƙƙin ya gaji, ya ajiye aiki, ya tafi. Amma daga ranar da jama'a suka zuba kuɗinsu, lambobinsu da sanarwarsu a ciki, ba shi da haƙƙin ya rushe shi shi kaɗai. Abin da ya fi masa, ya kuma fi wa jama'a, shi ne ya miƙa ragama ga wasu tukuna, sannan ya fita.

Abin da rushewa take yi, da abin da ba ta yi

Da yawa daga cikinmu muna zaton akwai wani maɓalli guda da ake dannawa zaure ya ɓace daga wayar kowa, da zagin da aka yi a ciki da komai. Ba haka WhatsApp yake aiki ba. Saƙonnin zaure a wayar kowane mamba suke zaune. Hanyar da aka saba rushe zaure ita ce admin ya cire mambobi gaba ɗaya, sannan ya danna "Exit group", sannan "Delete group". Wannan gogewar ta ƙarshe daga wayarsa kaɗai take share hirar. Duk wanda aka cire yana nan da tsofaffin saƙonni, da hotuna, da muryoyin da ya riga ya sauke. Abin da ya rasa shi ne damar yin magana a wurin.

To ku dubi abin da wannan yake nufi ga ƙanenmu. Saƙon muryar da aka zarge shi a ciki zai ci gaba da zama a wayoyin mutane, ana tura shi daga wannan zaure zuwa wancan. Shi kuwa ya toshe wurin da zai tsaya ya kare kansa a gaban kowa, ya kuma share hujjojinsa daga wayarsa da hannunsa. Wanda ake zargi da cin kuɗin jama'a, sai aka wayi gari ya kori kowa ya rufe ƙofa, me kuke tsammanin za a ce a majalisa da safe? Za a ce biri ya yi kama da mutum. Rushewar da ya ɗauka za ta kashe maganar, ita ce za ta tabbatar da ita a zukatan mutane.

Akwai kuma hanya ta biyu da mai fushi yake bi, wato ya fice kawai ba tare da ya cire kowa ba. Mutane suna ganin wannan ya fi sauƙi, amma akwai tarko a ciki. Idan kai kaɗai ne admin ka fita, WhatsApp da kansa yake zaɓar wani mamba ya ɗora masa, kuma zaɓin na kan mai uwa da wabi ne. Ba ya duba shekaru, ba ya duba amana, ba ya duba ko mutumin yana buɗe data. Na ga wannan da idona a wani zauren tsofaffin ɗalibai da nake ciki. Wanda ya buɗe ya yi fushi ya fita, sai ragamar ta faɗa hannun wani ɗan'uwanmu da wayarsa ta lalace tun da daɗewa. Muka yi watanni babu mai iya shigar da sabon mutum, babu mai iya cire wani baƙo da ya shigo yana tallan hanyar ninka kuɗi. Wannan ma da sauƙi. Da a hannun shi mai tallan ta faɗa, da sai dai mu ce inna lillahi.

A Facebook kuwa lamarin ya sha bamban, kuma ya fi muni ta wata fuskar. A can rubuce-rubuce da hotuna ba a wayoyin mambobi suke ba, a cikin zauren suke. Idan aka cire mambobi duka, wanda ya buɗe ya fita a ƙarshe, zauren ya tafi ke nan da duk abin da ke cikinsa, kuma ba a dawo da shi. Hotunan aikin gayya na shekaru, sanarwar rasuwar iyayenmu da addu'o'in da aka yi musu a ƙasa, cigiyar yaron da ya ɓata aka same shi, duk sun tafi. Shi ya sa Facebook ya tanadi dakatarwa, wato "Pause group", inda zaure zai tsaya cik babu sabon rubutu amma abin da ke ciki yana nan. Wanda ya san akwai wannan, ban ga dalilin da zai sa ya fara da gogewa ba.

Sake ginawa ba wasa ba ne

Wani zai ce, in an rushe ai sai a buɗe sabo, minti nawa ne? Buɗewa minti ɗaya ne, tara mutane shi ne aiki. Zauren ƙanenmu yana da magidanta 146. Cikinsu akwai masu haya da suka tashi amma suka yi alƙawarin biya, akwai masu gidaje da ke zaune a Kano, Abuja da Legas, akwai iyayenmu mata da 'ya'yansu suka saka su. Babu mutum ɗaya a layin da ke da lambobin waɗannan duka a ajiye. Zauren ne kaɗai ya haɗa su.

Ko da ka samu lambobin, ba kowa za ka iya sakawa kai tsaye ba. Mutane da yawa sun saita wayarsu yadda wanda ba ya cikin lambobinsu ba zai iya jefa su a zaure ba. Irin waɗannan sai dai ka aika musu gayyata, gayyatar kuma kwana 3 take yi ta mutu. Wanda bai buɗe data ba a kwanakin nan, ya wuce. Sannan tarihin tsohon zaure ba ya bin ku zuwa sabo. Wanda ya biya a watan jiya, shaidarsa tana can a wurin da aka rufe.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne giɓin da ke tsakanin rushewa da sake buɗewa. Suna da hoton zaure ba su da makulli. Kowa zai iya buɗe sabon zaure da suna iri ɗaya, ya ɗora hoto iri ɗaya, ya ce wancan ya samu matsala an dawo nan, ga sabuwar lambar asusu. Ɗan'uwanmu da ke Legas ba shi da hanyar gane na gaskiya. Sau da yawa ma ba sai da mugun nufi ba: mutum biyu masu kyakkyawar niyya kowa ya buɗe nasa, sai layi ɗaya ya rabu gida biyu, kowane ɓangare yana cewa nasa ne na asali.

Zauren na wane ne?

Nan ne ainihin saɓanin yake, kuma ban raina hujjar masu cewa "ni na buɗe" ba. Gaskiya ne shi ya yi tunanin, shi ya sa datarsa, shi ya sha zagi. WhatsApp ma ya ba shi wani fifiko: wanda ya buɗe zaure, sauran admin ba za su iya cire shi ko sauke shi ba, sai in shi ya fita da kansa. A Facebook ma admin ba ya iya goge zauren da ba shi ya buɗe ba matuƙar mai buɗewar yana ciki. To amma iko daban, haƙƙi daban. Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya, unguwa ta shekara biyar tana sha, har mutane suka haɗa kuɗi aka yi mata murfi da guga, in ya yi fushi da mutum uku ba zai cike ta da ƙasa ba don shi ya fara sara. Zai iya daina zuwa ɗiban ruwa, wannan nasa ne.

Dokar ƙasa ma a kan wannan tunani ta ginu. Ƙungiyoyin al'umma irin namu da suka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa a matsayin masu amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa idan aka rushe ƙungiya, abin da ya rage na dukiyarta bayan biyan bashi ba a raba wa mambobi, ana miƙa shi ne ga wata ƙungiya mai manufa irin tata. Ban ce wannan doka ta hau kan zauren WhatsApp na layinku ba. Abin da nake nunawa shi ne hikimar da ke ciki: abin da aka tara da sunan jama'a, ko ranar rabuwa ta zo, miƙa shi ake yi, ba a komar da shi aljihun wanda ya assasa. Jerin lambobin mutane, shaidar biyan kuɗi da sunan da jama'a suka yarda da shi su ma dukiya ce, ko da ba a ajiye su a banki ba.

Mu kuma tuna cewa ko babu fushi, waɗannan wurare aro ne a hannunmu. Kamfanin Google ya rufe dandalinsa na Google+ a watan Afrilun 2019. Yahoo Groups, inda ƙungiyoyi da dama suka yi shekaru suna musayar saƙonni, an rufe shi a watan Disambar 2020. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Idan manyan kamfanoni suna iya rufe ƙofa, bai kamata mu ƙara wa kanmu wani haɗarin ba ta hanyar barin komai a hannun mutum ɗaya da waya ɗaya.

Yadda muka yi da zauren kwalbati

Bari in faɗi abin da muka yi dalla-dalla, domin wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali ya samu abin bi.

A daren farko ba mu taɓa kowa ba. Na sa shi ya shiga "Group permissions" ya kashe damar aika saƙo ga mambobi, ya zama admin kaɗai ke iya rubutu. Sannan ya rubuta gajeriyar sanarwa cewa an tsayar da hira na kwana biyu domin a fitar da lissafi, kuma za a zauna ranar Asabar bayan la'asar. Wannan kaɗai ya sauke rabin zafin. Masu zagi suka rasa wurin yi, masu hankali suka samu abin jira. Ina ganin da yawa daga cikin zaurukan da aka rushe cikin dare, abin da suke buƙata ke nan kawai: a kulle baki na kwana biyu.

Washegari muka zauna da littafi da biro. An yanka wa kowane gida naira 5,000, gidaje 146, jimilla naira 730,000 ke nan in kowa ya biya. Muka bi zauren daga farko muna duba hoton shaidar tura kuɗi da kowa ya saka, muna gwada shi da bayanin asusun banki. Gidaje 98 suka biya, wato naira 490,000. Saura gidaje 48, wato naira 240,000 da ba ta shigo ba. A nan muka gano tushen rigimar. Mutum huɗu sun ba shi kuɗi a hannu a masallaci, ya zuba a asusu amma bai rubuta sunayensu a zaure ba. Da ya fitar da jerin waɗanda ba su biya ba sai sunayensu suka fito, su kuma suka ce an cinye musu naira 20,000. Kuɗin na nan, rubutu ne babu. Da ya rushe zauren a daren nan ya goge hirar daga wayarsa, da wannan bincike sai mun bi gida-gida muna roƙon a nuna mana waya, kuma da wuya wanda aka kora ya ba ka haɗin kai.

Bayan mun gama, muka adana kwafin hirar. A wayar Android ana buɗe zauren, a danna ɗigo ukun nan na sama, sai "More", sai "Export chat". Zai tambaye ka ko da hotuna ko babu. Mu mun ɗauki duka biyun, domin wanda ke ɗauke da hotuna ba ya kwaso saƙonni da nisa kamar wanda babu hotuna. Muka aika wa ma'aji da wani dattijo guda. A sani cewa wannan kwafin na karantawa ne kawai, ba a mayar da shi cikin wani zaure. Shi ya sa muka kuma rubuta sunaye, lambobi da abin da kowa ya biya a littafin takarda. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, littafi kuwa yana nan a akwati.

Ranar Asabar aka karanta lissafi a gaban jama'a, mutum huɗun nan suka ji sunayensu, aka yafi juna. Duk da haka ƙanenmu ya ce shi dai ya gaji, kuma ban ga laifinsa ba. Sai aka zaɓi mutum uku a wurin: dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, ma'aji, da wata baiwar Allah malamar makaranta da ta iya waya kuma matan layin suke sakin jiki da ita. Ba shi ya zaɓe su ba, jama'a suka zaɓa, kuma wannan yana da muhimmanci. Da shi ya naɗa abokinsa a ɓoye, da an ce ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga.

Naɗin kansa ba ya cin minti biyu. Ana danna sunan zaure, a nemo sunan mutum a jerin mambobi, a danna shi, a zaɓi "Make group admin". Amma ba mu tsaya nan ba. A gaban kowa muka sa kowannensu ya gwada: ya shigar da mutum, ya buɗe damar rubutu ya sake kullewa. Muka tabbatar lambar da aka naɗa ita ce wadda yake amfani da ita yau, domin mutane da yawa suna da tsohuwar lamba da sabuwa duk a zaure ɗaya. Muka sa kowannensu ya kunna "Two-step verification" ya saka lambobin sirri shida. Kun san damfarar nan da ake kiran mutum a ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ya karanto lambar da aka turo masa. Wanda ya karanta, an ƙwace masa WhatsApp, in kuwa admin ne an ƙwace zaure. Daga nan sababbin admin suka shiga wurin gayyata suka danna "Reset link", tsohuwar mahaɗar da ta yi yawo a wurare ta mutu, suka kuma kunna tantance sababbin masu shigowa.

Sai da aka yi mako guda suna aiki yana kallo, sannan ya yi sallama da kalmomi masu daɗi ya danna "Exit group". Fitar ta zama dole ne saboda abin da na faɗa a baya: matuƙar yana ciki, shi ne wanda ba a iya saukewa, mutane kuma ba za su yarda ragama ta bar hannunsa ba. Bayan kwana biyu dattijon ya dawo da shi a matsayin mamba kamar kowa, domin shi ma gidansu yana bakin kwalbatin. Batun asusun banki kuwa daban aka yi shi. Miƙa zaure ba ya miƙa kuɗi. Aka mayar da abin da ya rage asusun da mutum biyu ke sa hannu.

Ga masu zauren Facebook, ku kula da abu ɗaya: a can gayyatar mutum ake yi ya zama admin, kuma bai zama ba sai ya karɓa. Kada ka aika gayyata ka fita a take, ka bar zaure babu mai shi. Ka jira ka ga sunansa ya fito a jerin admin. Haka kuma mai taimakawa wajen tace rubutu ba daidai yake da admin ba, ba ya iya naɗa wani ko sauya saitin zaure.

Inda masu adawa da ni suke da gaskiya

Akwai wanda ya ce da ni, "Sakatare, in na miƙa wa wanda zai mayar da zauren dandalin siyasa ko na damfara fa? Mutane saboda ni suka shigo." Wannan magana ce mai nauyi. Miƙa wa mutumin banza ya fi rushewa muni, domin ka ba shi lambobin matan aure da dattawa tare da yardar da suka yi maka. Kuma da zarar mai buɗewa ya fita, sauran admin daidai suke, kowanne zai iya sauke ɗan'uwansa ko ya cire shi. Saboda haka yawan admin ba shi ne tsaro ba. Mutum goma da ba a tantance ba, ƙofa goma ce a buɗe. Uku da aka zaɓa a bainar jama'a sun wadatar. Amsar wannan tsoro ita ce a kyautata zaɓe, ba a cike rijiya ba.

Na kuma yarda akwai zaurukan da rufe su ne daidai. Zauren da aka buɗe don biki ko suna, an gama an watse. Zauren neman taimako ga mara lafiya, wanda ke ɗauke da hotunansa da takardun asibitinsa, bayan ya warke ko Allah ya karɓi abinsa. Zauren da aka yi sanarwa sau biyu sau uku babu wanda ya yarda ya karɓa. Irin waɗannan barin su a buɗe babu mai kula shi ne haɗari. Amma ko su akwai ladabin rufewa: a sanar da rana tun da mako guda, a karanta lissafin kuɗi in akwai, a ba mutane dama su kwashi abin da suke so, a roƙi kowa ya goge hotunan mara lafiya daga wayarsa tunda rufewar ba za ta goge masa ba. Sannan a cire mutane, a fita, a goge. Bambancin wannan da abin da ƙanenmu ya so yi shi ne, wannan shawarar jama'a ce da rana, wancan hukuncin mutum ɗaya ne da dare.

Ba fushi kaɗai ke raba mu da zaure ba

Ko wanda bai taɓa yin fushi ba, wannan magana ta shafe shi. Tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, mun ga yadda aka toshe layukan mutane da dama. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana sake sayar da lambar ga wani. WhatsApp ma yakan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 bai hau ba. Wanda zai sauya lamba, ya yi amfani da "Change number" tun tsohuwar tana hannunsa, domin ya tafi da zaurukansa, kada ya bar tsohuwar lamba tana zaune a matsayin admin. Sannan akwai tafiyar da babu dawowa, wadda ba ta sallama. Allah ya sa mu cika da imani. Duk wanda yake shi kaɗai ne admin a zauren jama'a yau, ya sani ya bar wa mutane matsalar da ba su san da ita ba.

Abin da zan gabatar a zama mai zuwa

A matsayina na sakatare, zan kawo shawara uku a zamanmu na gaba, kuma ina so ku yi tunani a kansu tun yanzu. Na farko, kowane zaure ko shafi da ke ɗauke da sunan ƙungiya ko ake tara kuɗin jama'a a ciki ya kasance da admin uku, a rubuta sunayensu a littafin taro. Na biyu, duk lokacin da aka yi sabon zaɓe, miƙa ragamar zaure ya shiga cikin kayan da ake miƙawa tare da hatimi, littafin ma'aji da takardun banki, a rana ɗaya. Na uku, kada a rushe zauren ƙungiya sai da amincewar zama da sanarwar mako guda.

Ni ma da nake wannan rubutu, akwai zauren da na buɗe shekarun baya wanda har makon jiya ni kaɗai ne a kansa. Sai da na gama da ƙanenmu na dubi kaina na ji kunya, na kira mutum biyu na ɗora su. Ina roƙon duk mai riƙe da zaure ya buɗe wayarsa a yau ya ƙirga admin nawa ne a ciki. In kai kaɗai ne, kada ka jira ranar da ranka zai ɓaci, domin a ranar ba za ka yi zaɓe mai kyau ba.

Wanda yake da gyara ko ƙari, ƙofa a buɗe take, ko ya same ni a zama. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da unguwarmu da jiharmu lafiya, ya kawo mana damina mai albarka.

Sakataren ƙungiya,
Herwagana, Gombe.